Waƙa ta tsaya, an ce tana tashi a wata na'ura: yadda za ka gano dalili kuma ka gyara a Spotify

Tambayar nan ta yi ta maimaituwa har na ga gara in zauna in rubuta amsarta sau ɗaya a tsanake. Mutum yana sauraren waƙa ko karatu a Spotify, babu gaira babu dalili sautin ya ɗauke. Ya duba waya, data na nan, sabis ya cika, amma sai ga rubutu wai ana sauraro a wata na'ura. Wani ma abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne sandar lokacin waƙar tana tafiya kamar komai lafiya, wayar kuma shiru.

Abu ɗaya za ka fara riƙewa kafin ka taɓa komai. Asusu ɗaya na Spotify na'ura ɗaya yake bai wa sauti a lokaci guda, ko kana biyan kuɗi ko na kyauta kake amfani da shi. Kana iya shiga asusunka a waya da kwamfuta da talabijin duka, ba wanda zai hana ka, amma da zarar sauti ya fara fita a ɗaya, sauran za su yi shiru. Wanda ya jawo sautin a ƙarshe shi ke da waƙar. Saboda haka wannan saƙo ba alamar lalacewar waya ba ce, labari yake ba ka cewa akwai wata na'ura da ke riƙe da asusunka, aikinka shi ne ka gano wace ce.

Zan bi matakan ne da misalin wani maƙwabcina tela da ke da shago a Kasuwar Barci a Kaduna, domin da shi muka zauna muka warware tasa, kuma kusan duk abin da ke faruwa da mutane ya faru da shi. Ba ka buƙatar kayan aiki sai wayarka, data kaɗan, burauza irin Chrome, da kuma damar buɗe imel ɗin da ka yi rajista da shi. Wannan na ƙarshen ka tabbatar da shi tun yanzu.

1. Karanta sunan na'urar kafin ka ƙwace waƙar

Kuskuren da kowa ke yi shi ne saurin sake danna kunnawa. Waƙar tana iya dawowa, to amma ka goge shaidar da ke gabanka. Bayan minti biyu wancan ya sake dannawa, kai ma ka danna, a yi ta ja-in-ja ba wanda ya san da wa yake yi.

Idan sautin ya ɗauke, buɗe shafin waƙar da ke tafiya. Daga ƙasa, ɓangaren hagu, akwai ƙaramar alama mai kama da sifika da allo. Idan wata na'ura ce ke da sautin, za ka ga sunanta a rubuce da koren launi. Lafazin saƙon yana ɗan sauyawa daga waya zuwa waya, amma yawanci za ka ga `Listening on` sai sunan na'urar ya biyo baya. Danna alamar, jerin na'urori zai fito. Ɗauki hoton allon a wannan lokacin, zai yi maka amfani daga baya.

Sunan ba koyaushe yake fitowa yadda ka saba kiran abin ba. Waya tana iya fitowa da lambar samfurinta, wato sunan kamfani da wasu haruffa da lambobi. Talabijin kan fito da sunan kamfaninsa. Idan ka ga `Web Player (Chrome)`, ma'anarsa wani ya buɗe asusunka a burauzar kwamfuta ta adireshin `open.spotify.com`.

A wurin maƙwabcin nawa, sunan da ya fito na wata wayar Tecno ce, alhali Infinix ce a hannunsa. Ya ce mini, "Malam, wallahi kutse aka yi mini, ni ban san wannan wayar ba." Na ce ya dakata, ya tuna wace waya yake riƙewa kafin wannan. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya dafe kai. Tsohuwar wayarsa ce da ya bai wa ƙaninsa a Rigasa bayan sallah, bai fita daga asusun ba, bai kuma goge wayar ba.

2. Fahimci abin da Connect ke yi, domin rabin matsalar nan take

A nan zan ɗan daɗe, saboda wanda ya gane wannan ba zai sake ruɗewa ba.

Yawancinmu bulutut muka sani. Da bulutut, wayarka ce ke jawo waƙar daga intanet da datarka, sannan ta miƙa sautin ga sifika ta iska. Ka yi nisa da sifikar, sauti ya yanke. A kira ka, waƙa ta tsaya. Wayar ta mutu, komai ya mutu.

Spotify Connect, wanda kamfanin ya fito da shi a 2013, ba haka yake aiki ba. Talabijin ɗin ko sifikar mai wayifai ko kwamfutar ita da kanta take jawo waƙar daga intanet. Wayarka ta koma rimot kawai, tana cewa kunna wannan, tsallake wancan, ƙara murya. Sautin ba ya bi ta cikin wayar ko kaɗan. Shi ya sa za a iya kiranka ka amsa waƙar na ci gaba a talabijin, ka fita daga gida ma tana ci gaba, batirinka ya ƙare tana ci gaba.

Wannan kuma shi ne sirrin wayar da ke nuna waƙa na tafiya amma babu sauti. Wayar ba ta lalace ba, rimot ta zama. Kana ƙara murya a Kawo, sautin yana ƙaruwa a falonka da ke Unguwar Rimi. Haka ya faru da telan wata rana: ya saka waƙa a talabijin ɗin gida da safe, ya fito shago, ya buɗe manhajar ya danna kunnawa, shiru. Ya yi ta danna maɓallin ƙarin murya, sai ga kiran maiɗakinsa tana tambayar wa ya kunna talabijin da ƙarfi haka yaro na barci.

Karon farko da za ka haɗa sifika ko talabijin, ana so wayar da na'urar su kasance a kan wayifai ɗaya domin su ga juna. Bayan nan na'urar ta riga ta san asusunka, tana iya ci gaba da bayyana a jerinka ko ba ka gida. Ita kuwa sifikar bulutut ta yau da kullum, irin wadda ake sayarwa a kasuwa ana caja ta, ba ta da hannu a wannan matsala. Ba ta shiga intanet, ba ta riƙe asusu, don haka ba za ta iya ƙwace maka waƙa ba. Kada ka ɓata lokaci kana zarginta.

Akwai batun data da ya kamata ka sani. Tunda na'urar ce ke jawo waƙar, datar da take kai ce ke tafiya. A ingancin `Normal`, wato kusan kilobit 96 a daƙiƙa, awa ɗaya na cin wajen megabait 43. A `High`, mai kilobit 160, wajen megabait 72 ne. A `Very high`, mai 320, ya kai megabait 144 a awa. Talabijin da aka bari yana waƙa awa takwas a kan ɗan akwatin wayifai na gida zai iya lashe fiye da rabin gigabait ko da a kilobit 160 yake, kai kuma kana can kana mamakin inda data ta tafi.

3. Dawo da sautin wayarka

Wannan mai sauƙi ne. A cikin jerin na'urorin nan, zaɓi `This phone`. Sautin zai dawo nan take, wancan ɓangaren kuma zai yi shiru.

Gargaɗi: kada ka goge manhajar ka sake saukewa da sunan gyara. Duk waƙoƙin da ka sauke za su tafi, sai ka sake kashe data ka dawo da su, kuma matsalar tana nan daram domin ba a wayarka take ba.

Idan na'urar da ta fito taka ce, talabijin ko kwamfutar ofis, je ka rufe manhajar a can ko ka fita daga asusun a kanta. Ka duba burauza da kyau, domin shafin Spotify da aka bari a buɗe a cikin shafuka ashirin yana nan yana jira, kuma danna maɓallin kunnawa na allon rubutu bisa kuskure ya isa ya tashe shi. A saitin manhajar, a sashen na'urori, akwai zaɓin `Show local devices only`. Idan ka kunna shi, wayar za ta daina nuna maka na'urorin da ba sa kusa da kai, abin da ke rage irin kuskuren tura waƙa gida daga shago. Sai dai ka sani ɓoye su kawai yake yi, ba ya fitar da kowa daga asusunka.

Idan waƙar ta dawo kuma ba ta sake tsayawa ba, ka gama. Idan an sake ƙwace ta bayan ɗan lokaci, mutum ne a ɗaya ɓangaren, sai ka ci gaba.

4. Bambance ɗan gida da baƙo

Kafin ka rufe ƙofa, ka san wa kake rufewa. Yi wa kanka waɗannan tambayoyi da gaske. Ka taɓa sayar da waya ko ba da ita kyauta ba tare da ka goge ta ba? Ka taɓa shiga asusunka a kwamfutar shagon buga takardu ko ta aboki? Ka kai waya gyara a buɗe? Ka taɓa bai wa wani kalmar sirrinka "ya ɗan saurara"? Ka taɓa shiga asusunka a talabijin ɗin otal ko na gidan wani?

Tarihin abin da aka saurara kwanan nan yana taimakawa sosai. Idan ka ga waƙoƙin da ka san ƙaninka ke so, a lokutan da ka san yana zaune babu aiki, ka sami mutuminka. Idan kuwa ka ga waƙoƙi cikin harshen da ba wanda ke ji a gidanku, ko jerin waƙoƙin da ba kai ka haɗa ba, ko mawaƙan da kake bi alhali ba ka taɓa jin sunansu ba, ko ana kunna abu da tsakar dare, to baƙo ne. Galibi hakan na faruwa ne idan kalmar sirri ɗaya mutum ke amfani da ita a ko'ina, aka sace ta a wani shafin daban, aka zo aka gwada ta a nan.

Telan ya kira ƙaninsa a gabana. Yaron ya ce, "Yaya, ni na ɗauka kyauta ce ta zo da wayar. Kuma ni ma tsayawa take yi mini, na zaci sabis ne." Mako uku suna ƙwace wa juna, kowa na zargin netwok.

5. Sauya kalmar sirri, sannan ka kori kowa

Tsarin nan yana da muhimmanci, kada ka juya shi. Idan ka fara fitar da mutane kafin ka sauya kalmar sirri, wanda ya san tsohuwar zai sake shigowa cikin minti ɗaya.

Buɗe burauza ka shiga:

```
spotify.com/account
```

Nemi `Change password`, saka tsohuwar, saka sabuwa. Idan ka manta tsohuwar, yi amfani da wannan, za a turo maka saƙo ta imel:

```
spotify.com/password-reset
```

Sabuwar ta zama wadda ba ka amfani da ita a ko'ina. Ban da lambar wayarka, ban da sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa, waɗannan su ne farkon abin da na kusa da kai zai gwada.

Gargaɗi: idan da Facebook ko Google ka yi rajista, ƙofar shiga tana can ne. Kalmar sirrin wancan asusun za ka sauya, ka kuma duba na'urorin da ke cikinsa. Haka nan ka duba imel ɗin da ke rubuce a shafin asusun. Idan ba naka ba ne, an riga an sauya shi, kuma ba za ka iya gyara wannan kai kaɗai ba, sai ka tuntuɓi sashen taimako ta `support.spotify.com`. Rasit ɗin biyan kuɗinka na baya zai taimaka wajen nuna asusun naka ne.

Bayan kalmar sirri ta sauya, a wannan shafin dai, nemi `Sign out everywhere` ka danna. Zai fitar da asusunka daga wayoyi da kwamfutoci da burauza, har da wayar da ke hannunka, saboda haka ka tabbata ka riƙe sabuwar kalmar kafin ka danna. Ba lallai abin ya kama nan take ba, yana iya ɗaukar har awa ɗaya. Idan an sake ƙwace maka waƙa a cikin wannan lokacin kada hankalinka ya tashi, ka ba shi lokaci.

6. Matakin da kusan kowa ke tsallakewa

`Sign out everywhere` ba ya taɓa sifikoki masu wayifai da talabijin da na'urorin wasa irin PlayStation. Waɗannan izini na daban suke riƙe da shi. Mutum zai yi duk abin da na lissafa a sama, kwana biyu waƙa ta sake tsayawa, ya ce ai maganin bai yi ba, alhali talabijin ɗin gidan abokinsa ne har yanzu ke ciki.

A shafin asusun, shiga `Manage apps`. Za ka ga jerin duk abin da ka taɓa bai wa izini. Duk wanda ba ka gane ba, ko ba ka amfani da shi yanzu, danna `Remove Access` a gefensa. Ni shawarata ka cire duka, sannan ka mayar da waɗanda kake buƙata ɗaya bayan ɗaya. Sake haɗa talabijin ɗinka aikin minti biyu ne, ya fi zaman tantama sauƙi.

A jerin telan mun tarar da talabijin biyu. Ɗaya na gidansa ne. Ɗayan sai da ya yi tunani ya tuna na gidan surukansa ne a Malali, inda ya haɗa ranar wani suna domin mata su ji waƙa. Mun cire duka biyun, ya mayar da nasa da ya koma gida.

Sannan ka koma manhajar, ka shiga da sabuwar kalmar, ka kunna wani abu, ka buɗe jerin na'urori ka kwatanta da hoton da ka ɗauka a matakin farko. Wadda ta dame ka ya kamata a ce ta ɓace.

7. Idan da gaske ku biyu ne ke son sauraro

Korar ƙani ba ta warware komai idan gobe zai zo ya roƙi sabuwar kalmar sirri, kai kuma kunya ta hana ka hana shi. Hanyoyi uku ne a gabanku.

Ta farko ba ta cin ko kwabo: ya buɗe asusunsa na kyauta. Zai riƙa jin talla kuma ba zai iya sauke waƙoƙi ba, amma ba wanda zai tsayar da wani.

Ta biyu ita ce tsarin da aka yi domin mutum fiye da ɗaya. `Duo` na mutum biyu ne, `Family` kuma har mutum shida. Mutane da yawa sun ɗauka biyan `Family` yana nufin a raba kalmar sirri ɗaya ga kowa, sai su biya su ci gaba da ƙwace wa juna. Ba haka ba ne. Kowa da asusunsa, mai biyan kuɗin ya tura wa sauran gayyata, kowa ya shiga da nasa. Kuɗin yana sauyawa, lokacin da Spotify ya shigo Najeriya a Fabrairun 2021 na mutum ɗaya naira 900 ne a wata kuma an ƙara tun daga nan, don haka ka duba na yau a `spotify.com/premium`. Abin da na lura da shi shi ne `Family` bai kai kuɗin asusun mutum ɗaya sau biyu ba, wato ko ku uku ne ya fi araha nesa ba kusa ba.

Gargaɗi: sharaɗin tsare-tsaren biyu shi ne ku kasance a gida ɗaya, kuma za a nemi kowa ya rubuta adireshin da ya dace da na mai biya. Telan yana Tudun Wada, ƙaninsa yana Rigasa, saboda haka na ce musu wannan ba tasu ba ce. Yaron ya buɗe na kyauta, telan kuma ya yi `Duo` da maiɗakinsa, wadda dama ita ce ke sauraro a talabijin da rana yana shago. Ka kuma guji masu tallar "asusu mai araha" a kafafen sada zumunta. Sau da yawa asusu ɗaya ne ake sayar wa mutane da yawa, ko kuma na sata ne, wato kuɗinka za ka biya ka sayi wannan matsalar da kake gudu.

Ta uku ta shafi mai na'urori biyu shi kaɗai, kuma sai mai biyan kuɗi. Sauke waƙoƙin da kake so a waya, sannan ka kunna `Offline mode` a saiti. Wayar da ke wannan yanayi daga ma'ajiyarta take kunnawa, ba ta neman izinin intanet a lokacin, don haka ba ta karo da wata na'urar. Ana iya saukewa a na'urori har biyar, waƙa dubu goma a kowace, da sharaɗin ka shiga intanet aƙalla sau ɗaya a cikin kwana 30, in ba haka ba abin da ka sauke ya daina buɗewa. Wannan ne ma ya fi dacewa da mai hawa jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, inda sabis ke ɗaukewa a hanya. Ka dai tuna, muddin kana cikin `Offline mode` ba za ka iya tura waƙa zuwa talabijin ta Connect ba, kuma duk abin da ba ka sauke ba zai fito da dusashen launi ya ƙi kunnuwa. Idan ka ga haka bayan ka dawo gida, saitin nan za ka fara kashewa.

Saura abu ɗaya da ya shafi shago ko gida mai jama'a. Sifika mai Connect tana bayyana ga duk mai Spotify da ke kan wayifai ɗinku, kuma yana iya zaɓarta ya saka tasa waƙar. A nan ba asusunka aka shiga ba, sifikar aka karɓe. Alamar da za ka gane ita ce wayarka ba ta nuna sunan wata baƙuwar na'ura, tarihin sauraronka tsaf yake, amma sifikar tana wata waƙa daban. Sauya kalmar sirrin Spotify ba zai yi komai a kan wannan ba. Ko dai ka yi magana da yaran shago, ko ka sauya kalmar sirrin wayifai ɗin, sannan ka sake haɗa sifikar da sabuwar.